Me ya sa za a raba shayin ganye da ƙwayar hawan jini?

Tambaya:

"Ni manomin shinkafa ne a Argungu, shekarata 61. Ina shan lisinofiril miligiram 10 mai haɗe da ƙwayar fitsari da safe, da amlodifin miligiram 5 da dare. Da shayin Buzaye mai citta da kanumfari nake haɗiye ta safe, da rana in sha soɓorodo a fadama, wani dare kuma shayin wankin ciki. Awona wata rana 168/98, wata rana 104/66 har da jiri. Ka ce in raba shayi da ƙwaya da awa biyu. Mi ya sa, tunda duk ciki ɗaya za su?"

Amsa:

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aikin fadama. Allah ya ƙara sauƙi.

Gaskiya ne ciki ɗaya za su, amma ba a ciki ƙwaya take aikinta ba. Idan ka haɗiye ta, takan narke a ciki, ta gangara ƙaramin hanji, a nan ne take ratsa bangon hanji ta shiga jini. Abin da ya ratsa shi ne maganin da ka sha. Wanda bai ratsa ba yana bin bayan gida, kamar ba ka taɓa saye ba. Saboda haka wurare biyu ne shayi da ƙwaya suke iya karo: a hanji, kafin maganin ya shiga jini, da kuma a cikin jinin kansa, bayan kowanne ya shiga. Tazarar awa biyu tana maganin karon farko ne kawai. Na biyun sai da rage yawa, wani lokacin ma sai da bari gaba ɗaya. Awon nan naka mai hawa da sauka, a ganina, duka biyun ne suke aiki a kanka, kuma kowanne yana jan igiyar ta ɓangare daban.

Bari mu fara da na safe, don shi ya fi damuna.

Lisinofiril magani ne da ba ya shiga jini da sauƙi. Ko da ruwa zalla ka sha shi, abin da ke ratsa hanji bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba a yawancin mutane. Wato daga miligiram 10 ɗinka, wajen biyu da rabi ne ke kaiwa ga jini, kuma masu yin maganin sun san da haka, da shi suka yi lissafin adadin da likita ya rubuta maka. Ka ga ke nan babu rarar da za a yi asara. Shigarsa kuma a hankali take, sai bayan awa shida zuwa bakwai yake kai ƙololuwarsa a jini.

Shayin Buzaye koren ganyen shayi ne, kuma yadda ake dafa shi, a zuba ganye da yawa a ƙaramar buta a yi ta tafasawa har ya yi kauri, yana fito da sinadaran da ke cikinsa sosai. Wannan ɗaci-ɗacin da ke kama harshe ya sa baki ya bushe, sinadaran tanin da katekin ne. Bangon hanji kamar gulbi ne da wasu magunguna ba sa iya haye shi da kansu, sai da jirgin fito. Sinadaran koren shayi sukan cika jirgin, ko su manne wa maganin su hana shi shiga, har lokacin fiton ya wuce. An gwada wannan a jikin mutane a ƙasar Jafan. A binciken da aka wallafa a 2014, masu shan koren shayi kullum na mako biyu, da aka ba su maganin hawan jini mai suna nadolol, abin da ya kai jininsu ya ragu da wajen kashi 85 cikin ɗari. Daga baya aka gwada lisinofiril, irin naka, tare da sinadarin katekin da aka tace daga koren shayi, sai abin da ya kai jini ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Sinadarin da aka yi gwajin da shi ya fi na kofin shayi na yau da kullum ƙarfi, amma shayin buta da aka tafasa sau uku ba shayi ne mai sauƙi ba. Idan ka kora ƙwayarka da shi, kana iya zama mai shan miligiram 10 a baki, jininka kuwa yana ganin na uku ko huɗu.

Ga kuma ƙari: koren shayi yana da kafin, sinadarin nan da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro da kofi. Kafin yana ɗan ɗaga awon jini na awa biyu zuwa uku bayan an sha. To, maganin ya ragu, ga abin da ke tura jini sama. Ranar da ka ga 168/98, ina kyautata zaton da ka duba za ka tarar safiya ce da shayin ya yi kauri, ko an auna ka ba da jimawa da shansa ba. Citta da kanumfari gwargwadon abin da ake jefawa a buta don ƙamshi ba su ne matsalar ba.

Awa biyun da na faɗa ba daga ka na ƙirƙiro ta ba. Abu mai ruwa yakan bar cikin mutum mafi yawansa a cikin awa ɗaya zuwa biyu, idan ba a haɗa shi da abinci mai nauyi ba. Idan ƙwaya ta riga da awa biyu, ta narke ta yi gaba cikin hanji, ta fara shiga jini kafin shayin ya iso. Idan shayin ne ya riga, an ba shi lokaci ya wuce ya tsarma. Awa ɗaya ba ta isa ba: a gwajin nadolol an ga cewa ko shayin da aka sha awa guda kafin ƙwaya yana rage shigarta. Don haka awa biyu ita ce mafi ƙaranci, kafin ƙwaya da bayanta, ga kowane irin shayi ko jiƙo ko tsimi. Shi kuwa shayin Buzaye, tunda lisinofiril a hankali yake shiga, na fi so ka ba shi awa huɗu. Mafi sauƙi ma ka mayar da shi bayan Azahar.

Wannan ƙa'idar ta shafi hulba da duk wani jiƙo mai yauƙi, domin yauƙin yakan lulluɓe ƙwaya ya jinkirta shigarta. Ta shafi jiƙon bagaruwa da saƙe-saƙin ɓawon itace masu ɗaure baki, don tanin ya yi yawa a cikinsu. Amlodifin ɗinka na dare bai cika damuwa da abinci ko shayi ba, fiye da rabinsa yana shiga jini, kuma yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda. Duk da haka shi ma da ruwa za ka sha shi. Ƙa'ida ɗaya ta fi sauƙin riƙewa, kuma wata rana likita zai iya canza maka magani zuwa wanda shayi ke tarewa, kamar nadolol, ko kuwa kaftofiril, wanda abinci yake rage shigarsa.

Yanzu soɓorodo. Labarinsa daban ne, domin shi ba rage ƙarfin ƙwaya yake yi ba, taya ta aiki yake yi. Yana saukar da jini da kansa. A wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2010, masu shan kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta awonsu ta sauka da wajen maki 7. Kowane kofi a gwajin nan busasshen soɓorodon da ke ciki bai kai giram biyu ba, namu kuwa na gida da hannu ake dumbuzawa a tukunya har ya yi ja wur. Yana kuma ɗan ƙara fitsari, kuma akwai alamun cewa yana taɓa hanyar da lisinofiril ke bi wajen sassauta jijiyoyin jini.

Ka duba yadda ranarka take. Ƙwayar fitsarin da ke haɗe da lisinofiril ɗinka, wadda ake rubuta HCT ko HCTZ a kwalinta, takan fara aiki bayan awa biyu, ta yi ƙarfi wajen awa huɗu, ta ci gaba har awa shida zuwa goma sha biyu. Idan ka sha ta da ƙarfe shida da rabi na safe, tsakanin ƙarfe goma da sha biyu take tsakiyar fitar da ruwa da gishiri daga jikinka. Lisinofiril yana kai ƙololuwarsa wajen ƙarfe ɗaya na rana. Amlodifin ɗin jiya da dare yana nan bai tafi ba. A daidai wannan lokacin kana fadama cikin rana, a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kabi ke haura maki 40, gumi na zuba, zafi ya buɗe jijiyoyin fata. Sai ka ɗora gora guda ta soɓorodo mai kauri a kai. Ka sunkuya kana gyaran gona ko jan tiyon injin ban ruwa, ka miƙe tsaye, jini ya taru a ƙafafu, wanda zai hau kai ya yi kaɗan. Shi ne jirin, da duhun da ke rufe ido, da 104/66. Kuma irin wannan ranar ta fi faruwa idan ba ka sha shayin safe ba, ko ka sha shi a makare, lisinofiril ya samu ya shiga da cikakken ƙarfinsa.

Ka lura, tsakanin ƙwayar safe da soɓorodon rana akwai awa biyar ko shida, amma bai hana su haɗuwa ba, saboda a jini suke haɗuwa. Wannan ne iyakar dokar awa biyu. Abin da ke aiki a nan shi ne yawa da lokaci. Kada ka wuce kofi ɗaya a rana, wato rabin ledar fiya wata, kimanin mililita 250, kuma marar kauri. Ka sha shi da yamma bayan La'asar, ka dawo gida ka huta a inuwa, ba da tsakar rana a gona ba. A fadama ruwa zalla za ka riƙa kurɓa akai-akai. Kuma ko dai ka sha kofi ɗayan nan kullum, ko ka bar shi kullum. Abin da ke rikita likita shi ne yau gora biyu, gobe babu, domin da awon da ya gani yake tsara adadin magani. Na san ana cewa soɓorodo maganin hawan jini ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maki 7 ba zai riƙe jinin mutumin da likita ya ga sai an haɗa masa magani uku ba. Kada ka ajiye ƙwaya saboda shi.

Shayin wankin ciki kuwa, Baba, roƙonka nake yi ka bar shi. Babu tazarar da za ta gyara shi. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗen akwai filasko ko danginsa a ciki, wanda ke sa hanji ya yi ta murɗawa, bayan awa shida zuwa goma sha biyu a yi zawo. Idan ka sha da dare, zawon yana zuwa ne da asuba, daidai lokacin da za ka haɗiye ƙwayar safe. Hanjin da ke gudu ba ya barin magani ya zauna ya shiga jini. Wannan ɗaya ke nan. Mafi muni shi ne zawo yana kwashe ruwa da sinadarin fotasiyam, ƙwayar fitsari ma tana kwashe su. Fotasiyam idan ya yi ƙasa, ƙafa takan riƙa ɗaurewa da dare, jiki ya mutu, zuciya ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba. Sannan lisinofiril, wanda a ranar lafiya yake kare ƙoda, a ranar da ruwan jiki ya ƙare yakan rage ƙarfin tacewar ƙodar. Idan a kan haka ka ƙara dikulofenak ko ibufurofen don ciwon baya, irin waɗanda ake ƙullawa a leda a matsayin maganin gajiya, an haɗa abubuwa ukun da suka fi saurin durƙusar da ƙodar dattijo. Idan bayan gida ne ke yi maka wuya, ka faɗa mana. Amlodifin da ƙarancin ruwa kan iya jawo hakan, kuma akwai hanyoyin da ba su da haɗari.

Akwai wasu abubuwa uku da su ma tazara ba ta amfani a kansu. Kanwa, ja ko fara, da ake jefawa a jiƙo ko kunu, gishirin sodiyam ce, tana riƙe ruwa a jiki ta ɗaga jini kamar gishirin miya. Irƙusus, saiwar nan mai zaƙi da ake samu a shagunan magungunan Musulunci da cikin wasu shayin tari da na gyambon ciki, tana sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da fotasiyam, kuma tasirinta yana kai kwanaki ko makonni bayan an daina. Garehul kuma, ɗan itacen nan mai ɗaci dangin lemu, yana kashe sinadarin da ke rage wasu magunguna a bangon hanji, sai maganin ya yi yawa a jini, kuma wannan yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku. Ya fi tsanani ga masu shan nifedifin, amma kai ma mai amlodifin gara ka bar shi. Lambar NAFDAC a kwalin shayin ganye ba ta nufin an gwada shi tare da ƙwayoyinka. Duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kada ya shiga bakinka.

Ga yadda nake so ranarka ta kasance. Bayan sallar Asuba, ka yi fitsari, ka zauna ka auna jini. Wajen ƙarfe shida da rabi ka haɗiye ƙwayar safe da cikakken kofin ruwa. Kana iya karyawa da koko ko kunun gero marar kanwa nan take, domin abinci ba ya hana lisinofiril shiga. Idan ba ka iya safiya babu abu mai ɗumi, ruwan zafi da 'yar citta ya isa, shi ma bayan takwas da rabi. Shayin Buzaye bayan Azahar, ƙananan kofuna ɗaya ko biyu, kuma kada ya kai dare don kada ya hana ka barci, rashin barci ma yana ɗaga jini. Soɓorodo bayan La'asar. Daga ƙarfe bakwai na yamma babu shayi babu jiƙo, sai amlodifin da ruwa da ƙarfe tara. Idan wata rana aka yi mantuwa ka kora ƙwayar da shayi, kada ka ƙara wata don cike giɓi, domin ba ka san nawa ne ya shiga ba. Ka bari sai gobe, a lokacin da ka saba.

Wani abu kuma da nake so ka kiyaye: idan shayin yana tauye maganinka tun tuni, to daga ranar da ka raba su jikinka zai fara samun lisinofiril fiye da yadda ya saba, alhali adadin da ke kwali bai canza ba. Mai yiwuwa ma da awon da shayi ya ɓata aka ƙara maka amlodifin. Saboda haka makonni biyun farko su ne na lura. Jini zai iya sauka fiye da da. Ka riƙa tashi a hankali, daga kwance ka zauna minti ɗaya kafin ka miƙe, haka ma daga sujada.

Awo shi zai raba gardama. Ka auna safe kafin ƙwaya, da yamma kafin abincin dare, kwana bakwai a jere. Kafin awo kada ka ci goro ko ka sha shayi ko taba na minti talatin. Ka zauna minti biyar a kujera, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Ka auna sau biyu, minti ɗaya a tsakani, ka rubuta duka, tare da abin da ka sha ranar da ƙarfe nawa. Awon ranar farko ba a lissafa shi. Sauran kwana shida za mu haɗa mu raba, idan matsakaicin ya tsaya ƙasa da 135/85 babu jiri, tsarin ya zauna.

Jirin ma akwai yadda ake gwada shi. Ka kwanta minti biyar a auna ka, ka miƙe tsaye a sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku, wani yana kusa da kai. Idan lambar sama ta faɗi da maki 20 ko fiye, ko ta ƙasa da maki 10, jinin yana faɗuwa da tsayuwa. Misali a kwance 132/80, a tsaye 108/72: ta sama ta faɗi da 24, ta ƙasa da 8, ta saman kaɗai ta isa a kai wa likita. Shi ne zai duba ko a rage ƙwayar fitsari a lokacin bazara ko a sauya lokacinta. Kada ka rage da kanka. Ka kuma nemi a yi maka gwajin jini na ƙoda da fotasiyam, tunda ka jima kana haɗa wankin ciki da waɗannan ƙwayoyin. Haka idan azumi ya gabato, ka je a tsara maka lokutan shan magani tun kafin a ga wata, don buɗe-baki da soɓorodo mai yawa sannan a bi da ƙwaya a tsaya tarawihi yakan kayar da mutane.

Ranar da ka yi zawo ko amai mai yawa har ba ka iya riƙe ruwa, kada ka haɗiye ƙwayar safe sai ka yi magana da likita ko da mu a ranar. Idan awo ya yi ƙasa da 90/60 kana jin jiri, ka kwanta, a ɗaga ƙafafunka, ka sha ruwa, a kai ka asibiti, musamman in har ka suma ko fitsari ya ragu ƙwarai. Idan kuma ya kai 180/120, ka huta minti biyar ka sake aunawa. In bai sauka ba, a ranar za a duba ka. In akwai ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta harɗe, ba a jiran awo na biyu, ba a tsayawa dafa tafarnuwa ko soɓorodo, asibiti za a nufa nan take. Kumburin leɓe ko harshe ko fuska ga mai shan lisinofiril shi ma na gaggawa ne.

Idan kwana bakwai ɗin sun cika, ka zo da takardar awon, da na'urar awon kanta don mu gwada ta da tamu, da kwalayen ƙwayoyinka duka, da kwalin ganyen shayin, da ƙullin wankin cikin ko da saura kaɗan ne. In akwai wani jiƙo da ake ba ka a gida wanda ba ka ambata ba, shi ma a ɗebo mana, tare da sunayen abin da aka zuba a ciki.

Allah ya ba da lafiya, ya sa a girbe shinkafa lafiya. A gaida mutanen gida.

Ɗanka,
Mai harhaɗa magunguna, Birnin Kebbi